Lissafin Dare: Yadda Na'ura Ke Gwama Kuɗin Waya da Littafin Ciniki

Tun lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023, ciniki ya sauya salo a kasuwanninmu. Mai sayen mudu biyu na shinkafa ma sai ya ce, "Alhaji, ba ni lambar asusu." Yanzu da wuya ka shiga shago a Kantin Kwari ko Singa ba ka ga lambar OPay, Moniepoint ko PalmPay manne a bango ba. Haka abin yake a Nijar da Airtel Money, da Gana da MTN MoMo. Kuɗi sun bar aljihun tebur sun koma cikin waya, amma masu shaguna da yawa har yau lissafin da suke yi da dare na zamanin tsabar kuɗi ne: a haɗa jimlar littafi, a duba jimlar asusu, idan sun yi kusa da juna a rufe shago. Wannan hanya tana ɓoye asara, kuma misali ɗaya ya isa ya nuna yadda take ɓoye ta.

Mu ɗauki shagon kayan masarufi. A littafin ciniki an rubuta cewa mutum 40 ne suka biya ta tiransifa a ranar, jimla Naira 600,000. A bayanan asusu kuma kuɗi sun shigo sau 40, jimla Naira 599,100. Bambancin Naira 900 ne kacal. Yawancin masu shago za su ce kuskuren biro ne, su tafi gida da kwanciyar hankali.

Da aka bi layi-layi, sai aka tarar guda 36 ne kawai suka dace daidai. Akwai cinikin Naira 18,000 da aka rubuta a littafi amma babu alamarsa a asusu: mai sayen ya nuna hoton risit na bogi, ya ɗauki kaya ya tafi. Akwai na Naira 12,000 da aka yi dab da tashi, an cire kuɗin daga asusun mai saye amma ba su iso ba sai da safe. Akwai na Naira 45,000 da ya shigo kashi biyu, 30,000 da 15,000, domin mai sayen ya biya daga asusu biyu. Akwai wanda yaron shago ya rubuta 5,400 alhali 4,500 ne kuɗin kayan, kuma su aka turo. Sannan ga wata Naira 30,000 da ta shigo ba tare da ciniki ba, ashe wani tsohon abokin hulɗa ne ya biya bashin makon jiya.

Biyan bashin nan shi ya rufe ramin 18,000 da 12,000, har jimloli suka yi kama da juna. Sakamakon haka mai shago ya yi asarar Naira 18,000 bai sani ba, kuma sunan wanda ya biya bashi yana nan a littafin bashi ba a goge ba, gobe a tare shi da maganar kuɗin da ya riga ya biya. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa kowane ciniki da kuɗinsa, ɗaya bayan ɗaya. Yin haka da hannu bayan isha, ga gajiya, yana da wuya a ɗore a kansa. Na'ura kuwa tana gama shi cikin daƙiƙoƙi.

Sharaɗi na farko yana wurin mai sayarwa ne, tun kafin a zo ga kwamfuta. Kowace tura kuɗi tana da lambar shaidarta. Idan kuɗi suka tashi daga wani banki zuwa wani a Najeriya, suna bi ta tsarin kamfanin NIBSS, wanda ke ba su lamba mai alƙaluma 30 da ake gani a risit da sunan Session ID. Idan a cikin kamfani ɗaya aka yi turawar, kamfanin yana ba ta tasa lambar. A Kenya, inda Safaricom ya fara M-Pesa a 2007, lambar haruffa ne da alƙaluma guda goma, tana zuwa a saƙon mai biya da na mai karɓa. Ba wanda zai zauna rubuta alƙaluma 30 ga layin mutane a gabansa, don haka a shago ya isa a rubuta shida na ƙarshe, tare da adadin kuɗi, lokaci da sunan da ke kan asusun mai turowa. Sunan yana da amfani, domin sau da yawa mace ce ke sayayya amma asusun mijinta ko ɗanta ne ya biya. Dole ne kuma littafin ya kasance a waya ko kwamfuta, ko da jadawalin Excel ko Google Sheets ne, domin na'ura ba ta da abin gwamawa idan cinikin yana cikin littafin takarda.

Daga nan sai samo bayanan asusu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke bayanan ranar daga shafin asusun kasuwanci, a fayil na CSV ko Excel. Wannan yana buƙatar hannun mutum. Domin aikin ya zama mai sarrafa kansa, wasu kamfanoni suna buɗe wa 'yan kasuwa wata ƙofa da ake kira API, inda manhajar shago ke karɓar labarin kowane biya kai tsaye. Ta Safaricom sunanta Daraja. Abin da bai kamata a dogara da shi ba shi ne saƙon alat da ke shigowa waya. Saƙo yana iya makara, yana iya ɓacewa, kuma ana iya ƙirƙiro shi. Bayanan da suka fito daga kamfanin ne hujja.

Idan mai haɗa manhaja ya saita aikin a kwamfuta mai tsarin Linux, layi ɗaya ne ke tayar da shi kullum da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare:

```
30 0 * * * python3 daidaita.py
```

Manhajar tana tace lissafin ne sau uku. A zagayen farko tana neman inda lamba da adadin kuɗi suka dace duka biyu. Waɗannan an gama da su, su ne 36 ɗin misalinmu. A zagaye na biyu tana duba ragowar, ta nemi waɗanda ba su da lamba amma kuɗinsu ɗaya ne kuma lokacinsu bai wuce minti goma tsakani ba, ko biya biyu da idan aka haɗa su suka ba da kuɗin ciniki ɗaya. A nan ne za ta gano 30,000 da 15,000 ɗin nan. To amma akwai wata 30,000 ta biyan bashi, don haka lokaci da suna ne za su raba gardama. Ƙa'idar ita ce: idan abu biyu suka cancanci wuri ɗaya, kada na'ura ta yi canke, ta ajiye su gefe ta jira mai shago. Zagaye na uku shi ne fitar da rahoto mai gida uku: ciniki ba kuɗi, kuɗi ba ciniki, da waɗanda lambarsu ta dace amma adadin ya saɓa.

Kowane gida yana da fassararsa. Ciniki ba kuɗi yana iya zama jinkirin layi ko risit na bogi, kuma lokaci ne ke bambance su. Manhajar tana riƙe cinikin a jerin jira, ta sake nemansa a daren gobe. Na 12,000 zai bayyana ya fita daga jerin da kansa. Na 18,000 zai ci gaba da zama, kuma idan ya kwana biyu, sai a nemi mai sayen ya kawo cikakkiyar lambar don a bincika a banki. Kuɗi ba ciniki kuwa yawanci biyan bashi ne, ko kafin alƙalami na kayan da za a ɗauka daga baya, ko cinikin da aka manta ba a rubuta ba. Idan adadi ya saɓa, masu lissafi suna da tsohuwar dabara: a raba bambancin da tara. Idan ya rabu ba saura, kamar 900 ɗin da ke tsakanin 5,400 da 4,500, akwai yiwuwar an juya alƙaluma biyu ne wajen rubutu. Idan kuma gibin ƙarami ne kuma yana bin girman ciniki, to cajin kamfani ne. A ce ana cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari a na'urar POS, cinikin Naira 10,000 zai shigo 9,950. Sai a koya wa manhajar wannan ƙa'ida, ta rubuta Naira 50 a gidan caji, kada ta riƙa kawo ƙara a kansa kowane dare.

Na'urar ma tana da nata tarkon. Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba, ragowar yana mayar da su sifiri. Idan aka buɗe fayil kai tsaye, lambar nan mai alƙaluma 30 za ta lalace, kuma wutsiyarta da ake buƙata ita ce ke tafiya. Alamar hakan ita ce ka ga duk lambobin sun ƙare da sifiri, ko sun koma wani abu mai E+29 a ƙarshe. Maganinsa a shigo da layin a matsayin rubutu, sannan a yanko shida na ƙarshe:

```
=RIGHT(B2,6)
```

Tarko na biyu agogo ne. Wasu tsare-tsaren suna rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, wanda Najeriya da Nijar suka fi shi da awa ɗaya. Idan ba a gyara ba, duk lokutan za su goce da awa guda, zagaye na biyu ya kasa haɗa komai, kuma biyan da aka yi bayan sha biyun dare ya faɗa cikin lissafin jiya. Na uku shi ne maimaici: idan layi ya yanke, kamfani yana iya aiko da labarin biya ɗaya sau biyu. Dole ne manhajar ta ƙi karɓar cikakkiyar lambar da ta riga ta gani, in ba haka ba za ta nuna kuɗin da babu su.

Akwai haddin da bai kamata a ƙetare ba. Manhajar daidaita lissafi karatu kawai take buƙata. Kada a ba ta, ko wanda ya haɗa ta, lambar sirrin cire kuɗi. Rahoton kuma ya riƙa zuwa wayar mai shago kai tsaye, wanda ya rubuta cinikin kada ya zama shi ne mai gyara rahoton. Sannan a riƙa tunawa cewa na'ura tana nuna inda lissafi ya saɓa ne, ba ta san dalili ba. A misalinmu abu biyar ne suka saɓa, kuma babu ko ɗaya da ya kasance satar yaron shago. Zargi ba tare da bincike ba yana raba mutum da amintaccen yaro, kuma wannan tsari yana wanke mai gaskiya kamar yadda yake tona mai ha'inci.

Mai shagon da bai kai ga manhaja ba tukuna yana iya farawa daga gobe: a buɗe asusun shago daban da na gida, kada kaya su fita sai an ga kuɗin a cikin asusun, kuma a rubuta alƙaluma shida na ƙarshe a gefen kowane ciniki. Duk wanda ya riƙe waɗannan ukun, ranar da ya kawo na'ura za ta tarar da lissafin da za ta iya aiki da shi.