Mol: Ƙirga Ƙwayoyin Zarra da Sikeli

Mol sunan adadi ne, kamar yadda dozin yake nufin abu goma sha biyu, ƙwaryar goro kuma take nufin goro ɗari. Bambancin kawai shi ne girman lambar. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³, wato lamba shida da wasu lambobi ashirin da uku biye da ita. A lissafin yau da kullum ana taƙaita ta zuwa 6.022 × 10²³, kuma ana kiranta lambar Avogadro. Alamar mol a rubuce ita ce mol.

Abin da ake ƙirgawa shi ya jawo wannan girma. Kowane abu, ruwa ne ko gishiri ko ƙarfe, an gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atam. Idan atam biyu ko fiye suka haɗu suka zama gungu ɗaya, wannan gungun shi ne molikul. Molikul ɗin ruwa, alal misali, atam biyu ne na haidirojin da atam ɗaya na oksijin, shi ya sa ake rubuta shi H₂O. Sinadarai suna haɗuwa ne da ƙidaya, biyu na wannan da ɗaya na wancan, don haka mai haɗa su yana buƙatar sanin yawan ƙwayoyin da ke hannunsa. Amma ba wanda zai iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen duniya su biliyan takwas za su zauna, kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa dare da rana, sai sun shafe shekara sama da miliyan biyu kafin su gama mol ɗaya. Duk da haka, mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, wato abin da ya ɗan zarce cikin babban cokali.

Sunan lambar ya samo asali ne daga Amedeo Avogadro, masanin kimiyya ɗan Italiya, wanda a 1811 ya kawo ra'ayin cewa iskoki mabambanta, in aka ɗebo su a mazubi mai girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, yawan molikul ɗinsu ɗaya ne. Shi kansa bai lissafa lambar ba. Bafaranshe Jean Perrin ne ya laƙaba mata sunansa a 1909. A 1971 aka shigar da mol cikin tushen ma'aunan duniya, tare da mita da kilogiram da daƙiƙa, aka fassara shi da yawan atam da ke cikin giram 12 na kabon-12. Daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka bar waccan fassara, aka tsayar da lambar kanta a matsayin ma'anar mol. Canjin bai taɓa lissafin aji ko na masana'anta ba, domin bambancin ya yi ƙanƙantar da sikelin yau da kullum ba zai gan shi ba.

Ƙwaryar goro da ƙwaryar doya duk ɗari-ɗari ne, amma ta goro yaro zai ɗauke ta da hannu ɗaya, ta doya kuwa sai an nemo baro ko mota. Haka mol yake. Adadin ƙwayoyi ba ya canzawa, nauyin ne yake bambanta, domin atam ɗin wani sinadari ya fi na wani nauyi. Nauyin mol ɗaya na kowane abu ana kiransa nauyin mol, ana auna shi da giram a kowane mol, wato g/mol.

A nan hikimar zaɓen lambar take. A jadawalin sinadarai, kowane sinadari yana da lambar da ke nuna nauyin atam ɗinsa idan aka gwada shi da na sauran: haidirojin 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, sodiyam 23, kulorin 35.5, idan aka taƙaita. An zaɓi girman mol ne yadda wannan lambar da ke jadawali za ta zama ita ce nauyin mol ɗaya a giram. Saboda haka giram 12 na kabon da giram 16 na atam ɗin oksijin yawan ƙwayoyinsu ɗaya. Idan abu haɗaɗɗe ne, sai a tara nauyin dukan atam da ke cikinsa. Ruwa yana da haidirojin biyu da oksijin ɗaya, 1 + 1 + 16, ya ba da 18. Gishirin miya, NaCl, 23 + 35.5, ya ba da 58.5. Da wannan sai sikeli ya zama na'urar ƙirga: wanda ya auna giram 58.5 na gishiri ya ƙirga mol ɗaya ke nan, ko da idonsa bai ga atam ko ɗaya ba.

Hanyar juya lissafi gajera ce, kuma mol ne a tsakiyarta. Daga giram zuwa mol ana rabawa da nauyin mol. Daga mol zuwa yawan ƙwayoyi ana ninkawa da lambar Avogadro. In za a dawo baya, sai a juya: a raba yawan ƙwayoyi da lambar Avogadro a sami mol, a ninka mol da nauyin mol a sami giram. A littattafai ana rubuta su n = m ÷ M da N = n × 6.022 × 10²³, inda m yake nufin giram, M nauyin mol, n yawan mol, N kuma yawan ƙwayoyi. Duk wanda zai tashi daga giram zuwa ƙwayoyi, ta mol zai bi.

Buhun takin yuriya mai kilo 50, wanda kowane manomin masara ya sani, ya isa misali. Ana rubuta yuriya CO(NH₂)₂. Ƙaramin biyun da ke wajen baka yana ninka duk abin da ke cikin bakan, don haka molikul ɗaya yana da kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu da haidirojin huɗu. Tarawa: 12 + 16 + 28 + 4, ya zama 60. Nauyin mol na yuriya ke nan, giram 60. Kafin a raba, dole a mayar da kilo zuwa giram, domin nauyin mol da giram aka auna shi: kilo 50 giram 50,000 ne. Raba 50,000 da 60 yana ba da mol 833.3. Ninka wannan da 6.022 × 10²³ yana ba da kimanin 5.02 × 10²⁶, kuma shi ne yawan molikul ɗin yuriya a buhun.

Amma naitirojin manomi ya saya, ba kabon da oksijin ba. Tunda kowane molikul yana ɗauke da naitirojin biyu, mol 833.3 na yuriya yana ɗauke da mol 1,666.7 na naitirojin. Ninka da 14, sai a sami giram 23,333, wato kilo 23.3. Wannan shi ne kashi 46.7 cikin ɗari na nauyin buhun. Abin da ake rubutawa a jikin buhu kashi 46 ne, wato kilo 23, kuma ɗan gibin yana fitowa ne daga danshi da ƴan abubuwan da ke gauraye da takin, domin lissafin ya ɗauka cewa duk abin da ke buhun tsantsar yuriya ce. Wannan iyaka ce da ta shafi kowane lissafin mol: sikeli yana auna duk abin da aka ɗora masa, har da ruwan da gishiri ko taki ya tsotsa daga iska a lokacin damina, lissafi kuma zai ƙirga wannan ruwan a matsayin sinadarin.

Masana'antar da ta sarrafa takin da irin wannan lissafi take aiki. Ana yin yuriya daga amoniya, NH₃, da iskar kabon, CO₂: molikul biyu na amoniya da ɗaya na iskar kabon suna ba da yuriya ɗaya da ruwa ɗaya. Buhu guda yana buƙatar mol 1,666.7 na amoniya, mai nauyin mol 17, wato kilo 28.3, da mol 833.3 na iskar kabon, mai nauyin mol 44, wato kilo 36.7. Jimla kilo 65 ya shiga. Abin da ya fito kilo 50 ne na yuriya da kilo 15 na ruwa, shi ma 65. A ƙidaya amoniya ta ninka iskar kabon sau biyu, amma a sikeli iskar kabon ce ta fi nauyi. Wanda ya karanta “biyu da ɗaya” ya auna kilo biyu na wannan da kilo ɗaya na wancan, ya yi asarar kayan haɗi.

Dawowa baya ya fi sauƙi. Idan aka ce molikul 3.011 × 10²³ na ruwa, rabawa da lambar Avogadro yana ba da rabin mol, rabin giram 18 kuwa giram 9 ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin faɗin abin da ake ƙirgawa. Cewa “mol ɗaya na oksijin” magana ce da ba ta cika ba, kamar mutum ya shiga kasuwa ya ce a ba shi ƙwarya bai ce ta me ba. Atam ɗin oksijin, O, nauyin mol ɗinsa 16 ne, amma iskar da ake shaƙa, O₂, atam biyu ne a manne, nauyinta 32. Wanda ya ɗauki 16 inda ake nufin 32, amsarsa za ta ninka sau biyu. Gishiri ma yana da tasa sarƙaƙiyar: ba molikul ne da shi ba, jerin ƙwayoyi ne masu cajin lantarki, sodiyam da kulorin ɗaya-ɗaya. Idan mol ɗaya na gishiri ya narke a ruwa, ƙwayoyin da ke yawo mol biyu ne, ɗaya na sodiyam, ɗaya na kulorin.

Sauran kurakuran na hannu ne, kuma ana iya kama su da kallon amsa. Idan giram ɗin da aka bayar bai kai nauyin mol ba, tilas amsa ta gaza mol ɗaya. Giram 10 na gishiri mol 0.171 ne, wanda ya sami 5.85 ya kifar da rabawar, wanda ya sami 585 kuma ninkawa ya yi. Yawan ƙwayoyi a duk abin da sikeli zai iya aunawa lamba ce mai girman gaske, don haka amsa irin 10⁻²³ alama ce cewa an raba inda ya kamata a ninka. Kalkuleta ma tana yaudara: in aka buga rabawa da 6.022 sannan aka danna alamar ninkawa da 10²³ ba tare da baka ba, na'urar za ta raba da 6.022 kawai, ta ninka sakamakon da sauran. Maganinsa shi ne a sa lambar duka cikin baka, ko a yi amfani da maɓallin EXP ko ×10ˣ.

Kwatanta gishiri da sukari yana nuna yadda nauyi ɗaya yake ɓoye adadi daban. Sukarin shayi, C₁₂H₂₂O₁₁, nauyin mol ɗinsa 342 ne, don haka giram 10 nasa mol 0.029 ne kawai, alhali giram 10 na gishiri mol 0.171 ne. A sikeli sun yi kunnen doki, amma a ƙidayar mol gishirin ya ninka sukarin kusan sau shida.