Yadda ɓargo ke samar da jini, daga uwar ƙwaya guda zuwa rassa uku

Mazaunin Gauraka da ya karɓo takardar gwajin jini daga asibiti a Suleja yakan ga layuka uku: RBC, WBC da PLT. Su ne jajayen ƙwayoyin jini, da farare, da masu tsayar da zubar jini. Dukkansu asalinsu ɗaya ne, wato uwar ƙwaya da ke cikin ɓargo, musamman na ƙashin ƙugu da ƙirji da gadon baya.

A matakin farko, uwar ƙwayar takan rabu biyu. Ɗaya na iya zama uwa kamar ta farko, don kada iri ya ƙare, ɗayar kuma ta kama hanyar girma. Daga nan hanya takan rabu zuwa manyan rassa biyu.

Reshen limfoyid ne ke samar da dakarun garkuwar jiki masu tuna cutar da suka taɓa yaƙa. Nau'in B yakan girma a ɓargo, nau'in T kuwa sai ya ƙaura zuwa taimos, wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji.

Reshen mayaloyid ne ke ba da sauran. Yana samar da fararen ƙwayoyi masu cinye ƙwayoyin cuta. Yana kuma samar da wata ƙatuwar ƙwaya mai gutsurewa zuwa dubban ɓarɓashi masu tsayar da jini, waɗanda ke kwana 7 zuwa 10.

Jar ƙwaya ma daga wannan reshe take. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jiki, ƙoda takan saki sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara aiki. Cikin kimanin mako guda ƙwayar takan cika da himoglobin, ta zubar da cibiyarta, ta shiga jini tana ɗanya. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ta nuna, sannan ta yi aiki na kusan kwana 120.

Sanin rassan na taimaka wa likita gano inda matsala take. A jikin mai sikila, jar ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Saboda haka jininsa kan yi ƙasa, amma ɗanyun ƙwayoyi su yi yawa, alamar ɓargo na ƙoƙarin cike gurbi. Idan kuwa layuka ukun suka faɗi tare, ga kasala, ga yawan zazzaɓi, ga zubar jini daga dasashi, akan yi zargin tushen ne ya taɓu, har a buƙaci gwajin ɓargo.

Ƙarin jini sauƙi ne na ɗan lokaci, domin bai taɓa uwar ƙwayar ba. Dashen ɓargo ne ke sauya ta, sai dai yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, galibi ɗan'uwa shaƙiƙi, kuma yana da haɗari. A shekarar 2011 aka fara yin sa a Nijeriya, ga wani yaro mai sikila, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.