Minti biyar a hannun Mario: yadda ake tseren gama gem

Gem ɗin Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985, yana da matakai 32. Wanda bai saba ba zai iya shafe kwanaki yana faɗawa rami kafin ya ga ƙarshensa. Amma akwai mutanen da ke gama shi cikin ƙasa da minti biyar, suna kuma kwana suna neman yadda za su rage sulusin daƙiƙa. Wannan shi ne tseren gama gem: a fara daga farko, a kai ƙarshe cikin mafi ƙarancin lokaci, a ɗauki bidiyo don shaida, a tura shafin speedrun.com inda masu tantancewa za su duba kafin su sa sunan mutum a jeri.

Kafin a danna agogo, dole a yarda da abin da ake nufi da gamawa, shi ya sa ake raba tseren rukuni-rukuni. Wanda ya fi shahara ana rubuta shi Any%, wato ka kai ƙarshe ta kowace hanyar da gem ɗin ya bari. A Mario, ɗan tsere na wannan rukuni matakai takwas kacal yake bugawa. Zai yi 1-1 da 1-2, ya shiga ɓoyayyen bututun da zai cilla shi 4-1, ya wuce 4-2, daga nan wani bututun ya kai shi duniya ta takwas, ya buga matakanta huɗu. Akwai kuma Warpless, inda aka hana waɗannan bututun tsallake, dole a bi dukkan matakai 32, kuma gwanaye na yin sa cikin kusan minti 19. Kowane rukuni da jerinsa da zakaransa, ba a gwada lokacin wannan da na wancan. A Any% agogo na tsayawa ne daidai lokacin da Mario ya taɓa gatarin da ke bayan dodon nan Bowser.

Ɗan tsere ba ya jira sai ƙarshe kafin ya san ko yana kan hanya. Yana yanka tafiyar zango-zango, yawanci kowane mataki zango guda, da wata manhajar agogo mai suna LiveSplit da ake gani a gefen bidiyon. Duk zangon da ya kammala, agogon zai gwada shi da mafi kyawun tseren da ya taɓa yi. Kore na nufin yana gaba, ja yana baya, ruwan zinari kuwa bai taɓa yin wannan zango da sauri haka ba. Manhajar tana tara waɗannan zinarai ta nuna lokacin da zai samu da a ce duk za su haɗu a tsere ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wannan jimla da ainihin bajintarsa ita ke gaya masa inda zai yi atisaye. Ita ce kuma dalilin da za ka ga mutum ya kashe gem ya sake daga farko bayan daƙiƙa 30 kawai: ya ga ja a zangon farko, ya san babu inda zai rama.

Me ya sa babu inda zai rama? Na'urar NES tana zana hoto, wato firam, kusan sau 60 a daƙiƙa. Idan Mario ya gama mataki, gem ɗin ba ya buɗe na gaba nan take. Yana dubawa ne sau ɗaya a kowane firam 21, kusan daƙiƙa 0.35. Wani tsohon zakara da ake kira Darbian ya kwatanta abin da bas mai tashi a kan ƙa'idar lokaci: ko ka iso tasha da wuri ko a ƙurarren lokaci, mota ɗaya za ku hau. A ce 'yan tsere biyu sun gama 1-1, ɗaya ya riga ɗayan da firam 10. Idan duk sun faɗa cikin tazarar firam 21 ɗin, tare za su fara 1-2, wahalar na farkon ta tashi a banza. Wanda kuwa ya makara da firam ɗaya tak, ya yi asarar 21 cur. A matakin ƙarshe ne kawai, 8-4, kowane firam ke da daraja, domin agogo na tsayawa a kan gatari, babu motar da ake jira.

Don a kama motar da ke gaba, gudu kaɗai ba ya isa, sai an nemi gilic, wato ɓarakar da masu rubuta gem suka bari ba da niyya ba. Wadda ta fi burge ni tana 4-2. Hanyar da aka tsara ita ce Mario ya daki wani bulo, tsiro ya fito, ya hau shi a hankali zuwa wurin bututun tsallake. Sai aka gano cewa gem ɗin wuri ɗaya kawai yake iya riƙewa a ƙwaƙwalwarsa a matsayin inda ƙofa ta gaba za ta kai mutum, kuma yana sauya wurin ne gwargwadon yadda allo ya matsa gaba. Ɗan tsere zai yi dabarar da Mario zai yi gaba ya bar allo a baya, ta hanyar gogar bulo yana tsalle da baya. Sai ya shiga wani bututu na kusa tun gem ɗin bai sauya wurin ba, ya ɓullo inda tsiron ya kamata ya kai shi. Idan allon ya matsa fiye da kima, nan take zai gane, domin zai tsinci kansa a ɗakin tsabar kuɗi, tseren ya lalace ke nan.

Wasu na cewa wannan maguɗi ne. Ban yarda ba. Ba a taɓa gem ɗin ba, ba a ƙara masa komai ba, kuma dokar a rubuce take ga kowa. Wanda ba ya so akwai rukunin da aka hana gilic. Maguɗi na gaskiya shi ne haɗa yankakkun bidiyo a ce tsere ɗaya ne, ko danna hagu da dama lokaci guda, abin da asalin abin riƙewar NES ba ya bari. Masu tantancewa kan bi bidiyo firam bayan firam, su saurari sauti don gano wurin ɗinki.

To me suke nema? Tarihin bajintar ya ba da amsa. AndrewG ya sauko ƙasa da minti biyar a 2010. Darbian ya kai 4:56 a 2016, Kosmic ya kai 4:55 a 2018, Niftski ya yi 4:54.948 a 2021. Shekara 11 aka yi ana cin daƙiƙa biyar, kuma babu ɗayansu da ya ci ta shi kaɗai. Wanda ya gano dabara yana bayyana ta a fili, abokin hamayyarsa ya koya ya doke shi da ita, shi kuma ya dawo da ƙarfi. Hamayyar ce ke nuna wa kowa cewa abin da ake ganin ya fi ƙarfin hannun mutum mai yiwuwa ne.

Akwai kuma tseren kai tsaye, inda mutum biyu ko fiye ke farawa tare, a shafuka irin su racetime.gg. Nan babu kashewa a sake, don haka mai hankali yakan bar dabara mai haɗari ya ɗauki wadda ya tabbata da ita, kuma sau da yawa natsuwa ke cin wanda ya fi sauri. Taron Games Done Quick na Amurka, da aka fara a 2010, yana nuna irin wannan tsere dare da rana na tsawon mako yana tara gudummawa, kuma cikin masu amfana akwai ƙungiyar likitoci ta MSF da muka sani a Zamfara da Katsina da Maraɗi.

Mai karatu, idan za ka kalli ɗaya daga cikin bidiyon nan, ka riƙa duba agogon gefe daidai lokacin da Mario ya fito daga 4-2. Launin da ya nuna a nan zai gaya maka ko akwai sauran fata a tseren.