Mai nazarin bayanai: yadda ake gabatar da kai ga kwamitin da bai san Excel ba

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, matasa da dama a Zariya sun rungumi nazarin bayanai. Sai dai waɗanda ke tantance masu neman aiki a makarantu, asibitoci da manyan shagunan Sabon Gari galibi akantoci ne da jami'an mulki. Idan suka ga an jera SQL, Python da Power BI a saman takarda, ba abin da suka ƙaru da shi. Abin da suke son ji shi ne matsalar da mutum ya taɓa warwarewa.

A ɗauki misalin ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da ta yi wa wani shagon kayan waya a Samaru aiki. Da farko ta rubuta cewa ta tsaftace bayanai kuma ta haɗa allon rahoto. Gaskiya ne, amma ga akanta, tsaftacewa shara ce kawai. Ga yadda ya kamata ta sa:

"Na tattara cinikin wata shida daga littattafan shago zuwa Excel. Na gano cewa kaya 40 cikin 150 ba su motsa ba tsawon wata uku, sai mai shagon ya daina saro su, ya mayar da kuɗin kan caja da batir da ke saurin ƙarewa."

A nan an ga inda bayanan suka fito, an ga abin da aka gano, an kuma ga shawarar da ta sauya. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Sunan manhaja sau ɗaya ya fito, a matsayin kayan aiki.

Inda ake tuntuɓe shi ne alƙaluman riba. Da ta ce ta ƙara ciniki da kashi 30 cikin ɗari, duk wanda ya san Samaru zai tambaye ta wane wata take nufi, domin kasuwar unguwar tana tashi idan ɗalibai suka dawo, ta kwanta lokacin hutu. Idan ba a kwatanta zangon karatu da zangon karatu ba, dawowar ɗalibai ce ta yi aikin, ba nazarinta ba. Gara ta tsaya kan adadin da za ta iya nunawa a littafi, kuma da izinin mai shagon.

A LinkedIn, layin da ke ƙarƙashin suna ba ya wuce harafi 220, sannan a waya layukan farko na sashen About kaɗai ke fitowa kafin a latsa don ganin sauran. Don haka misalin shagon ne zai hau sama, jerin manhajoji ya koma ƙasa, inda masanin kwamfutar da ke cikin kwamitin, in akwai shi, zai nemo su.