Farashi ne ke zuwa ƙarshe: darasin UST da USDC

Duk wanda ya ajiye dukiyarsa a USDT ko USDC don gudun faɗuwar naira ya dogara ne da alkawarin cewa kowane ɗaya dala ɗaya ne. Sai dai kafin farashi ya nuna alkawarin ya karye, masu ido sun riga sun fice.

A watan Mayun 2022 UST na Terra, wanda shi ma aka ɗaure shi da dala ɗaya, ya rushe. Babu dala a banki da ke tsaye masa, sai wani kuɗin intanet, LUNA, wanda ake ƙirƙiro sabo duk lokacin da wani ya mayar da UST. Mafi yawan UST kuwa yana jibge a Anchor, inda ake biyan ribar kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ranar 7 ga Mayu aka fara kwashe kuɗi daga Anchor, rumbun musaya na Curve kuma ya cika da UST, domin kowa shi yake zubawa ya ɗebi USDC da USDT. Lokacin farashi bai yi nisa da dala ba. Wannan karkatar rumbun ita ce alamar farko, kuma kowa na iya ganinta kyauta. Da gudu ya tsananta, aka yi ta buga LUNA har ya zama banza, cikin mako guda UST ya koma ƙasa da santi 20.

USDC ma ya zame a Maris 2023, bayan Circle, kamfanin da ke fitar da shi, ya bayyana cewa dala biliyan 3.3 daga ajiyarsa ta kusan biliyan 40 ta maƙale a Silicon Valley Bank. Ya sauka zuwa kusan santi 87. Amma lissafi a fili yake: ko da kuɗin sun salwanta gaba ɗaya, giɓin kusan kashi 8 ne. Wanda ya sayar da USDC 1,000 a santi 87 ya yi asarar dala 130, kwana biyu kafin farashi ya farfaɗo, bayan hukumomin Amurka sun lamunce wa masu ajiya a bankin.

Shi ya sa nake ganin tambayar farko ita ce, me ke bayan kuɗin, kuma ƙofar musanya shi da dala a buɗe take? In wani kuɗin kamfanin ne kawai ke tallafe da shi, a fita tun a santi 98, kada a jira.

Raba dukiya ma sai an lura. DAI ya faɗi tare da USDC, saboda a lokacin kaso mai yawa na ajiyarsa USDC ne. Farashin naira a kasuwar P2P kuwa yana iya ɓoye zamewar, don haka a riƙa gwada kuɗin da dala kai tsaye, a sa ƙararrawa a santi 99.