Me ya sa ƙamus ke ba kalmar “can” furuci biyu?

Duk wanda ya buɗe Oxford Advanced Learner's Dictionary, ƙamus ɗin nan da A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, ya nemi kalmar “can” mai nufin iyawa, zai tarar da furuci biyu. Na farko /kən/ ne. Na biyu /kæn/ ne, an rubuta “strong form” a gabansa, wato siga mai ƙarfi. Yawancinmu na biyun muka taso da shi daga aji, shi muke ɗauka daidai, na farkon kuwa ko kallonsa ba ma yi. Amma ba da ka aka sa shi a gaba ba. Shi ne wanda Bature ɗan asalin harshen ya fi furtawa in yana magana a sake.

Dalilin yana cikin yadda Ingilishi ke tafiyar da jimla. Mai magana yakan danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, galibi na sunaye da aikatau da sifofi, waɗanda ke ɗauke da saƙon. Abin da ya faɗo a tsakaninsu sai a matse shi, a wuce da sauri. Ƙananan kalmomin nahawu irin su “of”, “to”, “for”, “and”, “was” da “can” su ne ke shan wannan matsi. Wasalinsu yakan gajarce ya koma wani sauti maras nauyi da ake kira shuwa, wanda ake rubutawa /ə/. Ana furta shi da baki a sake, harshe a tsakiya, ba a buɗe baki sosai ba, ba a tattare leɓe ba. Kalmomin da ke da irin wannan siga mai rauni ba su da yawa, wajen arba'in ne, sai dai da wuya a yi jimla ba ɗaya daga cikinsu.

Bahaushe ma yana taƙaita ƙananan kalmominsa: “mini” ta koma “min”, “masa” ta koma “mai”. Bambancin shi ne mu muna rubuta abin da muka furta, Ingilishi kuwa rubutu ɗaya yake bayarwa ya ɓoye furuci biyu a ƙarƙashinsa. Shi ya sa nauyin ya koma kan ƙamus.

A ɗauki jimlar “I can come at four”, wato zan iya zuwa da ƙarfe huɗu. Wurare biyu kawai ake dannawa, “come” da “four”. “Can” ta zama /kən/, wani lokaci ma wasalin ya ɓace gaba ɗaya a ji /kn/, “at” kuma ta zama /ət/. To in mutum ya furta /kæn/ cikakkiya a nan fa? A wajen mutumin Landan abin da sauƙi, domin “can't” ɗinsa /kɑːnt/ ce, da dogon wasali daban. Iyaka zai ji kamar ana musu da shi, ana cewa “ai kuwa zan iya”. A wajen Ba'amurke kuwa akwai matsala. “Can't” ɗinsa /kænt/ ce, kuma /t/ ɗin ƙarshe kusan ba a jin ta in baƙi ya biyo baya. Abin da kunnensa ya dogara da shi wajen rarrabewa shi ne wasalin: mai rauni na nufin i, cikakke na nufin a'a. Sai ka ce za ka zo, shi kuma ya ji ka ce ba za ka samu zuwa ba. Wannan na iya faruwa da masu Ingilishin Najeriya da Gana, inda aka saba ba kowace gaɓa cikakken wasalinta. A tsakaninmu hakan ba laifi ba ne, muna fahimtar juna sarai. Wahalar takan fi bayyana ne wajen sauraro, sa'ad da mutum ke jiran jin /fɔː/ a rediyo, abin da ya wuce ta kunnensa kuwa /fə/ ne.

Siga mai ƙarfi tana da wurarenta. Tana dawowa in kalmar ta tsaya a ƙarshe ba abin da ta jingina da shi, kamar “at” a cikin “What are you looking at?” ko “can” a cikin “Yes, I can”. Tana dawowa in ana gwama abu biyu, a ce wasiƙar “from” wane ce, ba “for” wane ba. Haka kuma in ana ambaton kalmar ita kaɗai, kuma nan ne tushen ruɗanin. Malami ya rubuta ta a allo ya furta ta tilo, dole siga mai ƙarfi ta fito, ɗalibi ya haddace ta a haka.

Ƙamusoshi ba su bi hanya ɗaya wajen nuna wannan ba. Daniel Jones, malamin ilimin furuci a Jami'ar Landan, ya fitar da English Pronouncing Dictionary a 1917, kuma yana cikin waɗanda suka kafa al'adar rubuta sigogin biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yana fara kawo mai rauni ba tare da wani lakabi ba, sannan ya yi wa mai ƙarfi lakabi, tamkar ita ce baƙuwar. Longman Pronunciation Dictionary na John Wells, wanda ya fito a 1990, yana lakaba wa kowacce sunanta, yakan kuma ƙara bayanin inda ake amfani da ita. A ganina tsarin Oxford ya fi faɗin gaskiyar magana, amma ya fi saurin rikita wanda bai karanta shafukan gabatarwa ba, kuma wa ke karanta su?

Wani lokaci sigar mai rauni kanta ba ɗaya ba ce. “And” tana iya zama /ənd/, ko /ən/, ko /n/ zalla. “To” takan zama /tə/ gaban baƙi, /tu/ gaban wasali. “He”, “him”, “her” da “have” sukan yar da /h/ a tsakiyar jimla, amma ba a farkonta ba. Da “have” ta yar da /h/ sai ta zama /əv/, daidai da sigar “of” mai rauni, abin da ya sa wasu Turawa ke rubuta “could of” a maimakon “could have”. Kunnensu bai yi ƙarya ba, rubutun ne ya kauce.

Akwai kuma inda furucin ke bin aikin kalmar, don haka sai an duba ƙarƙashin wace ma'ana ƙamus ya sa shi. “That” mai nuni, wato “wancan”, kullum /ðæt/ ce. “That” mai haɗa jimla, wato “cewa”, kusan kullum /ðət/ ce. “Can” mai nufin gwangwani ba ta da siga mai rauni ko kaɗan, domin suna ce. “Have” ma in tana nufin mallaka takan riƙe cikakken wasalinta.

Sai a yi hattara da ƙamus na waya. Muryar da ke fitowa in an taɓa alamar lasifika an naɗe ta ne ana furta kalmar ita kaɗai, saboda haka sau da yawa siga mai ƙarfi ake ji. Mai son jin /kən/ yadda take sai ya saurari jimlolin misali, in ƙamus ɗin ya naɗe su, ya lura da abin da ke faruwa tsakanin gaɓoɓin da aka danna.