Jari Ya Karye: Yadda Ake Sanya Kasuwancin da Ya Rufe a Cikin Tarihin Kai

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman aiki, ko ta neman tallafin jari, ya san wurin da ake cewa mutum ya kawo taƙaitaccen tarihinsa. Ga wanda ya taɓa buɗe shago ko gona ko ƙaramin kamfani, abin ya zo ya rushe, a nan alƙalami yake tsayawa. Wasu sukan tsallake shekarun gaba ɗaya kamar ba a yi su ba. Wasu su rubuta sunan kasuwancin kamar har gobe yana tafiya. Wasu kuma su cika shafi da bayanin yadda gwamnati da abokin hulɗa da tsadar kaya suka haɗu suka kayar da su. Duka ukun suna cutar da mai takarda, kowanne ta fuskarsa.

Tsallakewa tana barin giɓi, kuma mai tantancewa idan ya ga shekara uku babu bayani zai cike ta da zatonsa, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar muni. Nuna cewa kasuwancin yana raye kuwa abu ne mai saurin tonuwa. Idan an yi masa rajista, kowa zai iya duba sunansa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya ga ko yana aiki. Idan akwai bashin banki, yana rataye da lambar BVN, kuma bankuna suna tambayar kamfanonin da ke ajiye tarihin basussuka, irin su CRC da FirstCentral, kafin su ba da rance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi kuma mai ɗora wa kowa laifi, abin da yake gaya wa mai karatu ba tare da ya sani ba shi ne: idan irin wannan yanayi ya dawo, zan sake faɗuwa, domin ban ga abin da yake hannuna ba.

Abin da mai karatu yake nema

Wanda zai ɗauke ka aiki ko ya ba ka jari bai damu da ko ka taɓa faɗuwa ba kamar yadda ya damu da tambaya guda: shin abin da ya kayar da kai zai sake kayar da kai da kuɗinsa? Saboda haka bayani mai kyau yana amsa abubuwa huɗu a jere. Me ka gina, kuma ya kai ina? Me ya rufe shi, kuma mene ne kasonka a ciki? Yaya ka rabu da masu binka bashi da ma'aikatanka? Me kake yi yanzu daban, wanda za a iya bincikawa a gani? Na huɗun ne yake raba darasi da rauni. Cewa "na koyi darussa masu yawa" ba ya nuna komai, domin wanda bai koyi komai ba ma haka zai rubuta. Darasi na gaske yana da siffar aiki: wata doka da ka kafa wa kanka, wani littafin lissafi da ka fara riƙewa, wani ciniki da ka daina yi.

Misalin gonar kaji

Mu ƙaddara wata mata ce a wajen Kano ta yi kiwon kajin ƙwai guda 1,000 daga 2020, ta rufe a ƙarshen 2023, yanzu kuma tana neman aikin kula da lissafi a wani kamfanin abincin kaji. Da farko za ta so ta rubuta cewa tsadar masara ce ta kashe gonar. Wannan ba ƙarya ba ne. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya sa ƙwai ya yi kwantai a hannun masu gonaki, sannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin dako da na abinci suka tashi. Amma duk masu kiwo sun sha wannan dukan, kuma wasu sun tsira. Mai tantancewa da ya san harkar zai tambayi kansa me ya sa nata ya faɗi.

Amsar tana cikin lissafin da ya kamata ta zauna ta yi kafin ta rubuta ko da jimla ɗaya. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 115 a rana, wato kaji 1,000 suna cinye kusan buhu biyar mai kilo 25 kullum, kuma abinci shi ne kaso mafi girma na kuɗin da ake kashewa a irin wannan gona. Idan kashi 80 cikin ɗari suna yin ƙwai, ana kwashe ƙwai 800, wajen kiret 27 ke nan a rana. To ita tana sayen abinci da kuɗi hannu, amma tana ba dillalai ƙwai bashi, su biya bayan sati biyu. Ma'ana a kowane lokaci kuɗin kiret kusan 370 yana waje, alhali a cikin waɗannan kwanaki sha huɗu sai ta fitar da kuɗin buhu sama da sittin daga aljihunta. Lokacin da abinci yake da sauƙi ba ta ji nauyin wannan ba. Da farashi ya tashi kuma dillalai suka fara jinkiri, sai ta rage wa kajin abinci, ƙwai ya ragu, kuɗin shiga ya ƙara raguwa. Masara ta taimaka, amma tsarin bashin ne ya buɗe ƙofa, kuma wannan ita ta tsara shi.

Ga rubutun da take shirin yi da farko: "Na kafa gonar kaji amma Allah bai yi ba, saboda halin da ƙasa ta shiga da kuma rashin amanar dillalai." Mai karatu zai tausaya mata, amma bai san girman gonar ba, bai san ko ana binta bashi ba, bai kuma ga abin da zai amfane shi ba.

Ga kuma wanda ya fi: "Daga 2020 zuwa 2023 na kafa kuma na gudanar da gonar kajin ƙwai 1,000, da ma'aikata huɗu, muna fitar da kiret kusan 27 a rana. Na rufe ta a Disambar 2023, bayan tsadar abinci ta same ni ina sayar da ƙwai bashin sati biyu alhali ina sayen abinci da kuɗi hannu. Na sayar da kajin da kejina, na biya albashi da masu kawo abinci gaba ɗaya. Tun daga lokacin nake riƙe wa wasu ƙananan gonaki biyu lissafin shige da ficen kuɗi na mako-mako, inda muka rage wa'adin bashi zuwa kwana uku."

A lura da yadda aka raba nauyi. Faɗuwar kanta jimla ɗaya ta samu, sauran ukun suna magana ne a kan abin da aka gina, yadda aka sauke haƙƙin mutane, da abin da ake yi yanzu. Ta ambaci tsadar abinci domin gaskiya ce, amma ba ta ɓuya a bayanta ba. Ba ta ce "abin kunya" ba, ba ta nemi afuwa ba, ba ta kuma ambaci sunan dillalin da ya cinye mata kuɗi ba. Sannan ta ce "na rufe", maimakon "ta rushe", domin hakan yana nuna ita ta ga ƙarshen ta yanke shawara. Amma wannan sai idan haka aka yi. Wanda mai gida ya kulle masa shago saboda kuɗin haya ba zai ce shi ya zaɓi rufewa ba.

Maganar ƙaddara da maganar bashi

A wurinmu idan jari ya karye akan ce ƙaddara ce, kuma babu mai imani da zai musa. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta hana mutum duba sababi. A gida da cikin abokai "Allah bai yi ba" ta wadatar, amma takardar neman jari wurin bayyana sababi ne. Akwai ma lokacin da mutum ba shi da hannu ko kaɗan a asalin asarar, kamar waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye wa kaya, ko ambaliyar Kantin Kwari ta 2022. Irin wannan kada ya ƙago wa kansa laifi don a ce ya yi tawali'u. Ya faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya, sannan ya nuna abin da ya sauya, kamar raba kaya a wurare biyu ko ajiye kwafin littafin bashi a wajen shago.

Jimlar bashi ita ce mafi nauyi, domin a kasuwanninmu ana yafe wa mutum karaya amma ba a manta wanda ya gudu da kuɗin mutane. Idan ka biya, ka faɗa ƙarara. Idan kana kan biya, ka rubuta haka: an yi yarjejeniya, an biya kaza, saura kaza. Idan kuma magana tana gaban kotu ko ana rigima da abokin tarayya, kada ka yanke hukunci a cikin tarihinka. Ka kawo shekarun da aikin da ka yi, ka bar sauran sai an tambaya.

Inda ya kamata a ja birki

A 2016 wani malamin jami'ar Princeton, Johannes Haushofer, ya wallafa jerin guraben aiki da tallafin bincike da ya nema aka hana shi, yana bin shawarar da masaniyar kimiyya Melanie Stefan ta bayar a mujallar Nature a 2010. Jerin ya yaɗu a duniya, amma masu suka sun lura cewa mutum ne da ya riga ya samu kujerarsa, babu abin da zai rasa. Haka Aliko Ɗangote zai iya faɗa a bainar jama'a cewa ya yi asara a harkar masaƙu, sauran kamfanoninsa su tsaya masa shaida. Mai neman aikinsa na farko bayan karaya ba shi da wannan gatan. Faɗuwa guda ya kamata ya kawo, wadda ta fi kusa da abin da yake nema.

Tsawon bayanin ma ya danganta da wurin. A takardar neman aiki, layi biyu a ƙarƙashin ayyukan da aka yi sun isa: suna, shekaru, girma, da kalmar "an rufe". A takardar neman jari sakin layi guda ake so, irin na matar nan. A 'yar gabatarwar da ake karantawa kafin mutum ya yi jawabi a taro, rabin jimla ta wadatar, ko ma a bar ta idan ba ta shafi maudu'in ba. Gwajin sana'a na wata biyu da bai bar giɓi ba kuma bai bar bashi ba, babu dole a kawo shi.

Kafin ka aika, ka karanta wa wani da ya san harkar tun tana tafiya, kamar tsohon ma'aikacinka ko wanda yake kawo maka kaya, ka tambaye shi ko zai yarda a kira shi ya tabbatar. Idan ya ce haka aka yi, ka sa lambarsa cikin masu shaidarka da izininsa. Idan ya yi shiru a kan wata jimla, ita ce za a kama ka a kanta ranar ganawa, sai ka koma ka gyara ta tun yanzu.